Dubu 600 a Hannu, Bashi a Wuya: A Biya ko a Juya?

Shirin na yau zai fi daɗin bi ga wanda ya ajiye biro da takarda kusa da rediyonsa, domin akwai 'yan lambobi da za a so a rubuta.

A ɗauki misalin wani malamin sakandare a Kano. Misali ne aka tsara don lissafi ya fito fili, amma duk wanda ya taɓa cin bashin albashi zai gane kansa a ciki. A watan Disamba na 2023 malamin ya karɓi rancen naira miliyan 1 da dubu 200 daga wani ƙaramin bankin ba da lamuni, ya yi wa ɗakuna biyu rufi ya sa ƙofofi. An rubuta masa cewa zai biya cikin wata 24, da ruwan kashi 2 cikin ɗari a kowane wata. Tun daga lokacin, da zarar albashi ya shigo sai a zare naira dubu 74 kafin ma saƙon banki ya iso wayarsa.

Shekara ta zagayo. A Disamba na 2024 aka biya shi wasu ariyas da ya daɗe yana bi, ya kuma sayar da waken suyan da ya noma, sai ga naira dubu 600 cif a asusunsa. Da ya je ya tambaya, uwar kuɗin da ta rage a kansa ita ma dubu 600 ce.

Da daddare maganar ta taso a gida. Uwargida ta ce, “Malam, ka kai musu kuɗinsu mu huta. Wata goma sha biyu ke nan ba mu ga albashinka cikakke ba.” Washegari a majalisa wani abokinsa mai bin harkar kasuwar kuɗi ya ce masa, “Haba Malam, a wannan marra? Kai fa kashi 24 ake cajin ka a shekara, gwamnati kuwa tana biyan kusan kashi 30 a takardun lamuninta. Ka zuba a can, ribar ta riƙa taya ka biyan bashin.”

Kowane ɗayansu yana da hujja, kuma abokin bai ƙirƙiri lambarsa ba. Shekarar 2024 shekara ce da kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo a Najeriya. Babban Bankin ƙasa, CBN, ya shiga shekarar da ma'aunin ruwansa a kashi 18.75. A Fabrairu ya ɗaga shi zuwa 22.75, ya ci gaba da ƙari a kowane zama, har ya kai 27.5 a Nuwamba. Dalilin shi ne hauhawar farashi, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekara. Idan ma'aunin Babban Banki ya hau, komai sai ya bi shi: ruwan da bankuna ke ɗora wa masu cin bashi, da kuma abin da gwamnati ke biyan waɗanda suka ranta mata. A ƙarshen shekarar, takardar lamunin baitulmali ta kwana 364, wadda ma'aikatan banki ke kira tireshari bil, ta kai kusan kashi 23.

To ina kashi 30 ɗin da abokin ya ambata? Yana cikin yadda ake sayar da takardar. Ba a ɗora ribarta a ƙarshe. Rangwame ake yi tun farko. Takardar da za ta biya naira dubu 100 bayan shekara, idan rangwamen kashi 23 ne, mai saye zai ba da kimanin dubu 77 yau. Ribarsa dubu 23 ce, amma a kan dubu 77 da ya fitar daga aljihu, wanda ya kama kusan kashi 30. Saboda haka dubu 600 na malamin za su dawo masa da kimanin dubu 779 bayan shekara guda, wato ribar dubu 179. Wannan kuma idan ya samu farashin gwanjon Babban Banki ke nan. Ƙaramin mai saye ta hannun bankinsa yake bi, kuma abin da banki ke ba shi yakan gaza na gwanjo. Amma a bar wa abokin lambarsa mafi kyau, dubu 179, a rubuta ta a gefe guda na takarda.

Inda abokin ya yi tuntuɓe shi ne a ɗaya gefen, wajen cewa kashi 24 ake cajin malamin. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane kuɗi a wannan harka, don haka ya kamata a tsaya a kansa sosai.

Hanya biyu ake lissafa ruwan bashin da ake biya kashi-kashi. Ta farko ita ce ruwa a kan ragowa: duk wata ana duba abin da ya saura a kan mutum, a ɗora ruwa a kan wannan kaɗai. Bashi na raguwa, ruwa na raguwa. Ta biyu ita ce ruwan bai-ɗaya, wanda masu ba da rance ke kira fulat: ana lissafa ruwan a kan dukan kuɗin da aka karɓa ranar farko, kuma haka zai ci gaba har watan ƙarshe, kamar mutum bai taɓa biyan sisi ba. Yawancin ƙananan bankuna da kamfanonin bashin albashi da wasu ƙungiyoyin gama kai wannan ta biyun suke bi, domin tana da sauƙin faɗa kuma lambarta tana fitowa 'yar ƙarama a kunne.

Bashin malamin na bai-ɗaya ne. Dubu 74 da ake zara kowane wata kashi biyu ne: dubu 50 na uwar kuɗi, dubu 24 na ruwa. A watan farko, dubu 24 a kan miliyan 1 da dubu 200 kashi 2 ne cikin ɗari, daidai yadda aka faɗa masa. A wata na 13, lokacin da dubu 600 kawai ake bin sa, ruwan yana nan dubu 24, ya zama kashi 4 ke nan. A watan ƙarshe, sa'ad da ragowar ta koma dubu 50, zai sake biyan dubu 24 ɗin nan, wato kashi 48 cikin ɗari a wata guda. Idan aka haɗa wata 24 ɗin aka auna da irin ma'aunin da ake auna bashin ragowa, ainihin ruwan ya haura kashi 40 a shekara. Babu inda aka yi masa ƙarya a takarda. An dai faɗa masa lambar da ma'aunin da ba shi ne ake amfani da shi wajen faɗin ribar gwamnati ba, kamar a kwatanta farashin mudu da na tiya ba tare da an ambaci awo ba.

Don a ga girman bambancin, a ɗauka wani abokin aikinsa ya karɓi irin kuɗin, miliyan 1 da dubu 200, na wata 24, a kashi 24 a shekara, amma a kan ragowa. Shi zai riƙa biyan kimanin dubu 63 da 445 a wata, jimillar ruwansa kimanin dubu 323. Malamin kuwa jimillar ruwansa dubu 576 ce. Mutum biyu, kuɗi ɗaya, lokaci ɗaya, kowa an ce masa kashi 24, amma ɗaya ya fi ɗaya biyan sama da dubu 250.

Yanzu a koma ga dubu 600 da ke hannu. Ruwan da aka riga aka biya a shekarar farko ya tafi, haka ma ladan sarrafa takardu da kuɗin inshora da aka cire ranar da aka ba da rancen. Baƙin cikinsu ba ya shiga lissafi, domin ko an biya bashin yau ko an bari, ba za su dawo ba. Abin da ake dubawa shi ne na gaba. Saura wata 12, kowane wata dubu 74, jimilla dubu 888. A ciki, dubu 600 uwar kuɗi ce, dubu 288 ruwa ne da bai riga ya hau ba.

Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: idan malamin ya kai dubu 600 gobe, me za a yi da wannan dubu 288?

Amsar ba ta hannun uwargida, ba ta hannun aboki, ba ta ma hannun wannan shiri. Tana cikin takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu, wadda mutane da yawa ke ninkewa su jefa a akwati ba su karanta ba. Malamin ya lalubo tasa daga cikin jakar takardun makaranta, gefenta har ya fara yin ja. A shafi na biyu, cikin ƙananan haruffa, akwai sakin da ya yi magana a kan biya kafin wa'adi. Ya ɗauke ta ya tafi ofishin bankin, ya zauna gaban jami'in lamuni ya ce, “Ranka ya daɗe, idan na kawo kuɗi ranar Litinin, nawa ne daidai zai rufe bashin nan gaba ɗaya? A rubuta min a takarda, da kwanan wata.” Wannan ita ce tambayar da ta dace, kuma a rubuce ake karɓar amsarta, domin maganar baka ta jami'i ba ta ɗaure kwamfutar da ke zarar kuɗi a ƙarshen wata.

A ce amsar ta zo haka: zai biya dubu 600, da tarar kashi 2 cikin ɗari ta biya da wuri, wato dubu 12, a yafe sauran ruwan. To ga lissafin. Ya tsira da dubu 288, a cire dubu 12, saura dubu 276. A ɗaya gefen takarda an rubuta dubu 179. Tazarar dubu 97 ce, kuma tana wajen biyan bashi.

Ana iya duba abin ta wata fuska, wadda ta fi nuna gaskiyar aljihu. Idan ya saya takardar gwamnati, zai ci gaba da biyan dubu 74 daga albashi, a Disamba na 2025 bashi ya ƙare, yana riƙe da dubu 779. Idan kuwa ya biya bashin yau, sannan ya riƙa ware wannan dubu 74 kowane wata yana ajiyewa, a Disamba na 2025 zai tara dubu 888, a cire tarar dubu 12, saura dubu 876. Ko da a asusun ajiya na banki ya zuba su za su ɗan ƙaru, domin ƙa'idar Babban Banki ita ce ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'auninsa, wanda a lokacin ya kama kashi 8.25 a shekara, muddin mai asusun bai cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ba. Wannan zai ƙara masa kimanin dubu 33. A wannan bashi, da wannan yarjejeniya, uwargida ce ta yi daidai, kuma ba da ƙaramar tazara ba.

Akwai sharaɗi a cikin wannan lissafi da ya kamata a faɗe shi da gaskiya. Dubu 876 ɗin ba za su taru ba sai malamin ya ware dubu 74 ɗin da gaske. Albashin da ya dawo cikakke yana da masu jiransa: cefane, kuɗin makaranta, biki, ɗan'uwan da ya ji labari. Idan kuɗin suka narke a hidimar yau da gobe, har yanzu ya tsira daga ruwan dubu 288, amma zai wayi gari a ƙarshen shekara babu bashi kuma babu ajiya. Shi ya sa mai irin wannan niyya gara ya ba bankinsa umarnin cire kuɗin kai tsaye zuwa wani asusu ranar da albashi ya shigo, ko ya shiga adashen da ya yarda da shi, yadda hannunsa ba zai kai gare su da sauƙi ba.

To idan amsar jami'in ta zo daban fa? Akwai masu ba da rancen da za su ce, “Malam, kuɗinmu dubu 888 ne, ko yau ko baɗi.” Ga irin wannan yarjejeniya, biya da wuri kyauta ce mai bashi ya yi wa wanda ke bin sa. Ya miƙa kuɗin da zai iya juyawa na tsawon shekara, ba a rage masa ko kwabo ba. A nan abokin ne ke da gaskiya: a ajiye dubu 600 inda za su haifar da wani abu, a ci gaba da biya wata-wata yadda aka saba. Bashi ɗaya ne, mutum ɗaya ne, amma sakin layi guda a shafi na biyu ya juya amsar gaba ɗaya.

Shi kuwa abokin aikin nan mai bashin ragowa, nasa lamarin ya fi kusa. Bayan wata 12 ana bin sa kimanin dubu 671, fiye da rabi, domin a irin wannan bashi ruwa ne ke cinye kaso mai yawa na biyan watannin farko. Ruwan da ya rage masa kimanin dubu 90 ne kacal, cikin dubu 323. Wannan ya nuna cewa a bashin ragowa, biya da wuri ya fi amfani a farkon bashi. Wanda ya jira sai saura wata uku, ɗan abin da zai tsira da shi ba lallai ya kai tarar ba. Ruwansa na kashi 2 a wata, idan aka tara shi shekara, yana kama kusan kashi 27. Takardar gwamnati a lokacin tana ba da kusan 30 a mafi kyawun farashi, ƙasa da haka ta hannun banki. Kunnen doki ke nan, ko kusa da shi. Idan lambobi biyu suka matso juna haka, abin da ya kamata ya raba gardama shi ne tabbas. Ruwan da aka tsira daga biyansa riba ce da babu haraji a kanta, babu jira, babu wanda zai gudu da ita. Ribar ajiyar banki ta ƙayyadadden lokaci kuwa ana cire mata harajin kashi 10 kafin ta iso hannu, don haka wanda aka yi wa alkawarin kashi 20, kashi 18 zai gani.

Akwai kuma bashin da bai kamata a yi gaggawar biyansa ba ko kaɗan, idan lissafin kuɗi kawai ake bi. Ma'aikacin da ya samu rancen gida daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, kashi 6 yake biya a shekara, kuma wa'adin na iya kaiwa shekara 30. Idan ya zuba dubu 600 a wannan bashi, abin da zai tsira da shi a shekara kimanin dubu 36 ne. A ƙarshen 2024, takardar ajiya ta Gwamnatin Tarayya, wadda Ofishin Kula da Basussuka ke sayarwa kowane wata tun 2017, wadda kuma ana iya shiga da naira dubu 5, tana biyan kashi 17 zuwa 18, ana ba da ribar duk wata uku. Kashi 17 na dubu 600 dubu 102 ne. Ga kuma hauhawar farashi da ke zaizaye nauyin bashin da kansa: a Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, amma abin da mai rancen gida ke biya a wata bai motsa ba. Sai dai wannan sauƙi na wanda kuɗin shigarsa ke ƙaruwa ne. Wanda albashinsa ya tsaya cik alhali mudun shinkafa na hawa, hauhawar farashi ba ta rage masa komai ba, ta ma ƙara matse shi.

Duk waɗannan lambobi na ƙarshen 2024 ne, kuma ba su dawwama. Shekara huɗu kafin nan, a ƙarshen 2020, ma'aunin Babban Banki kashi 11.5 ne, ita kuma takardar kwana 364 ta faɗi ƙasa da kashi 1. Wanda ya riƙe bashin kashi 6 a lokacin don ya saya takardar shekara guda, asara ya yi. Wannan shi ya sa ake duba tsawon lokaci tare da lamba: bashin shekara 20 ba a auna shi da ribar shekara ɗaya kamar za ta ci gaba haka har abada. Haka nan a duba ko yarjejeniyar ta ba banki damar ƙara ruwa idan kasuwa ta canza. Mutane da yawa sun sami saƙon ƙarin ruwa a wayoyinsu cikin 2024, kuma bashin da ruwansa ke iya hawa ya fi cancantar a rabu da shi da wuri.

Da yawa daga cikin masu sauraro za su ce duk wannan zance na ruwa ne, su kuma ba sa ci ba sa bayarwa. Ga wanda ya riga ya shiga bashin ruwa kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, fita da wuri tana da wani nauyi da biro ba ya aunawa, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Amma tambayar a biya ko a juya tana nan har a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da waɗanda suka biyo bayansa. A cinikin murabaha, banki ne ke sayen kaya, mota ko injin niƙa, ya sayar wa mutum da riba sananniya, a biya kashi-kashi. Da zarar an ƙulla ciniki, farashin ya zama bashi tsayayye. Rangwamen biya da wuri, wanda ake kira ibra'i, a bisa ƙa'idar da yawancin irin waɗannan bankuna ke bi, ganin damar banki ne, ba a sharɗanta shi tun farko. Saboda haka shi ma mai murabaha sai ya je ya tambaya nawa za a sauke masa kafin ya kai kuɗi. Abin da zai auna da shi kuma akwai: Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda ake gina hanyoyi da kuɗinsa ana biyan masu shi haya sau biyu a shekara. Na farko a 2017 ya biya kashi 16.47, na 2020 ya biya 11.2, na 2025 ya biya 19.75, kuma ana shiga da naira dubu 10. Sai dai wa'adinsa shekara 7 ne zuwa 10. Mai son kuɗinsa kafin nan sai ya sayar a kasuwa da farashin ranar.

Wani kuma zai ce shi ba ruwansa da takardu, hatsi zai saya a Dawanau lokacin kaka ya ajiye zuwa bazara, ko ya ɗaure raguna don Babbar Sallah. Sana'o'i ne na gaske, kuma a shekara mai kyau ribarsu takan wuce ta kowace takarda. Amma a cire kuɗin sito, da maganin ƙwari, da dako, da dusa da harawa, da ragon da zai iya mutuwa, kafin a rubuta lamba. Kuma a tuna cewa farashi ba kullum yake hawa ba. Waɗanda suka tara masara da tsada a kakar 2024 suna jiran irin tashin shekarar da ta gabata, da yawansu sun ga farashi ya sauko a 2025. Wanda ya yi wannan da kuɗinsa, ribarsa ce ta ragu ko jarinsa ya taɓu. Wanda ya yi alhali ana zarar masa dubu 74 duk wata, ya haɗa asara biyu. Ribar da ake sa rai ba a ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da ruwan da tabbas za a biya, sai ta fi shi da tazara mai faɗi. Su kuwa masu alkawarin kashi 30 a wata, ko ninka kuɗi cikin kwana 30, irin MMM da ta dakatar da biya a Disambar 2016 da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, ba su da gurbi a wannan takarda ko ta wane gefe.

Saura abu guda da zai iya sa malamin ya dakata ko da lissafi ya ce ya biya. Kuɗin da aka kai wa mai bashi ba sa dawowa. Idan dubu 600 ɗin nan su ne iyakar abin da ya mallaka, kuma bayan mako biyu aka kwantar da yaro a asibiti, ina zai nufa? Wajen manhajojin bashi na waya, inda ruwan wata guda kan kai na shekara a wani wurin. A bashin malamin wannan haɗari gajere ne, domin daga watan da ya biya, dubu 74 za su riƙa dawo masa, cikin wata uku ya tara sama da dubu 200. Amma mai dogon bashin da dubu 600 ba za su rufe shi ba, wanda zai zuba kuɗin kuma a ci gaba da zarar masa kamar da, ya kamata ya fara ware abin da zai riƙe gida wata biyu ko uku, sannan ya kai ragowar. Idan zai kai wani ɓangare ne kawai, ya tabbatar an rubuta cewa daga uwar kuɗi aka cire, ba ajiye su aka yi a matsayin biyan watanni masu zuwa ba, kuma a ba shi sabon jadawali. Idan aka ba shi zaɓi tsakanin rage yawan watanni da rage abin da yake biya a wata, rage watanni ne ya fi rage ruwa.

Malamin dai ya koma ofishin ranar Litinin. Ya tura dubu 600, ya cika dubu 12 na tara daga kuɗin darasin yamma da yake koyarwa, ya karɓi rasit. Bai tashi daga kujerar ba sai da ya nemi abu biyu: takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, mai hatimi da sa hannu, da kwafin wasiƙar da za a aika wa ofishin biyan albashi don a dakatar da zarar dubu 74. Jami'in ya ce masa wasiƙar kan ɗauki kwanaki kafin ta yi aiki, kuma idan an riga an rufe lissafin albashin Janairu, za a iya sake zara sau ɗaya, sai ya zo da rasit a mayar masa. Malamin ya rubuta sunan sashen da zai tuntuɓa a bayan rasit ɗin, ya haɗa takardun uku da tsohuwar yarjejeniyar, ya mayar da su cikin jakar.